Takalmin Gudun Ubaidullahi

Ranar da labarin ya iske Tani, tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Lahadi ce, bayan la'asar. Malam Abdurrahim, malamin wasanni na sakandaren Rano, ya yi sallama a zaure har sau uku, ta ja mayafi ta tsaya daga bayan ƙofa suka gaisa.

"Albishir na kawo, Inna Tani. An gayyaci Ubaidullahi Jos."

Ya yi mata bayani a hankali. Akwai wata ƙungiya a can da ke horar da masu gudun dogon zango, duk shekara tana tantance yara 'yan ƙasa da shekara sha takwas. Shida ake ɗauka. Wanda aka ɗauka za a ba shi ɗaki da abinci, a biya masa makaranta har ya gama. Ubaidullahi ya zo na biyu a gudun mita dubu biyar da aka yi a Kano, shi ya sa sunansa ya shiga. Rajista za ta rufe Juma'ar sama, a yi gudu ranar Asabar. Kuma bana ce kaɗai damarsa, domin kafin baɗi ya wuce shekarun.

Tani ta ce, "To, Allah ya sa alheri."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta koma ta zauna gaban faranti ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ubaidullahi ɗanta ne na fari. Tun da ta haife shi a gidan nan na Saji ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutum ba. In za ta kira shi sai ta ce "kai", in za ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan". Haka uwarta ta yi da yayanta, haka duk matan da ta sani masu mutunci suke yi. Amma ita ce ke tashi kafin asuba ta dama masa kunu ya sha in ya dawo daga gudu, ita ce kuma ta ɗinke masa kambas ɗinsa da zaren buhu har sau huɗu.

Kuɗi ne babu. Mukhtar, mijinta, ya rasu shekara biyu da suka wuce, jinyarsa ta cinye akuyoyi da rabin gona. Malam Abdurrahim ya ce a rubuta wa injin shinkafar Alhaji Amiru da ke Kibiya, tunda su ne suka saya wa 'yan ƙwallon garinsu riguna bara.

Ranar Litinin yaron ya zauna a kan tabarma ya rubuta, ya yaga, ya sake rubutawa. Ƙanwarsa Sadiya na leƙa kafaɗarsa tana tsokana.

"Yaya, ka sa musu cewa kana cin tuwo malmala uku, su san me za su ɗauka."

"Ki matsa ko na rubuta cewa ina da ƙanwa ta sayarwa."

Da ya gama ya karanta da ƙarfi, wai Sadiya yake karanta wa, amma fuskarsa na kallon madafa inda Tani take.

"Zuwa ga Alhaji Amiru, mai Injin Shinkafa na Kibiya. Assalamu alaikum. Sunana Ubaidullahi Mukhtar, daga Saji, shekarata sha bakwai, ina aji biyar a sakandare. Ina gudun mita dubu biyar, na zo na biyu a Kano a watan jiya. An gayyace ni tantancewa a Jos, ga takardar gayyatar na haɗo. Mahaifina ya rasu. Ina roƙon kamfaninku ya ɗauki nauyina: takalmin gudu mai ƙusa, na gwanjo, naira dubu ashirin da takwas, riga da gajeren wando, dubu tara, mota zuwa da dawowa ni da malamina, dubu talatin, masauki da abinci, dubu sha biyar, rajista, dubu biyar. Jimla dubu tamanin da bakwai. Zan sa sunan shinkafarku a ƙirjin rigata, zan ambace ku duk inda aka tambaye ni, zan kawo muku rasit na komai da hotuna. In an ɗauke ni, sunanku zan ci gaba da sawa. Ina neman amsa kafin Laraba ta sama. Ga lambar malamina, ga ta mahaifiyata."

Tani ta ci gaba da tuƙa tuwo kamar ba ta ji ba. Da ya kawo mata takardar amincewar iyaye wadda mutanen Jos suka aiko, ta shiga ɗaki da ita, ta shafa tawadar biro a babban yatsa ta dangwala, ta miƙa wa Sadiya ta kai masa. Washegari aka buga wasiƙar a shagon kwamfuta a Rano, Malam Abdurrahim ya sa hannu a ƙasa, suka kai Kibiya tare.

Alhaji Amiru ya manyanta, ya bar harkar takardu a hannun ɗansa Adnan, wanda ya yi karatu a Abuja ya dawo. Adnan ya karanta, ya ce abin ya burge shi. Sai dai an taɓa cin kuɗinsu da irin wannan takarda, don haka zai kira gida ya tabbatar tukuna.

Ya kira ranar Asabar. A ranar mata sun cika tsakar gidan, ana gyaran shinkafar sunan jaririyar Baffa Lado, wan marigayi Mukhtar. Iya Asibi, surukar Tani, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana ba da umarni. Wayar Tani kuwa kunnenta ya mutu tuntuni, sai an buɗe murya ake jin magana. Sadiya ta danna ta miƙo mata, muryar namiji ta cika gidan.

"Salamu alaikum. Adnan ne daga injin shinkafa na Kibiya. Da mahaifiyar Ubaidullahi nake magana?"

Duk hannuwa suka tsaya a cikin faifai. Tani ta ji idon Iya Asibi a kanta.

"A gidan nan yake," in ji ta.

"Na'am, amma ɗanki ne?"

"Ɗan Iya ne. Ita ke da abinta."

Matan suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wata ta ce, "Tani ke nan, kunya kamar amarya."

"To Hajiya, kin san zancen tafiyarsa Jos? Kin amince? An ce ya iya gudu sosai."

Kalmar tana bakinta. Ta san lokacin da yake fita, ta san yadda ƙafarsa ke fashewa ya ɗaure da tsumma ya sake fita. Amma ga uwar mijinta, ga matan unguwa goma sha.

"Wane iyawa? Shirmensu ne na yara. Ni ba ruwana a ciki."

Adnan ya ce, "To, na gode," ya kashe. Iya Asibi ta gyaɗa kai ta ce 'yar mutunci ke nan, ba irin matan yanzu masu goya ɗan fari su shiga kasuwa da shi ba. Tani ta koma kan faifanta. A ranta ta ɗauka duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san me wannan amsa take nufi.

Ranar Litinin yaron ya tafi karɓar amsa. Da ƙafa ya je Kibiya, da ƙafa ya dawo, ya ce ya haɗa da atisaye. Ya shigo da azahar, rigarsa jiƙe, ya ajiye ambulan a gefen turmi. A saman wasiƙar an rubuta da jan biro. Sadiya ta karanta: "Iyaye ba su amince ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna nesa da ita kamar yadda ya saba.

"Inna, ɗan Alhajin ya ce ko dai lambar wata na ba shi, ko kuwa ba kya so. Ya ce ba zai ɗora maraya a hanya uwarsa ba ta yarda ba. Na nuna masa dangwalenki, ya ce kowa yana da yatsa."

Ta ce, "Ai Iya tana wurin."

"Na sani."

"Mata sun cika gida."

"Na sani, Inna. Kalma ɗaya ce dai."

Ya tashi ya ɗauki bokiti ya shiga wanka. Tuwon da ta ajiye masa ya kwana a rufe.

Malam Abdurrahim ya kira Adnan ya yi bayani, Adnan ya ce shi da kunnensa ya ji matar, kuma malamai ma ya ga irin nasu. Tani ta sa Sadiya ta kira lambar sau shida, tana shiga ba a ɗagawa, har katin ya ƙare a kiran mutanen da take neman rance a wurinsu. Mai adashi ta ce kwasar Tani sai bayan wata biyu. Ta fito da tukunyar ƙarfen aurenta da atamfa ɗaya da ba ta ɗinka ba, dillaliya ta taya su a abin da ko kuɗin takalmin bai kai ba. Ta je ta durƙusa gaban Baffa Lado.

"Yaya, ka taimaka ka je Kibiya ka ce musu mun yarda. Bakin namiji ya fi."

Baffa Lado yana gyara igiyar sa. Ya ce, "Gudu dai? Wa ya biyo shi? Mu da muka yi gudu, sai in sa ya ɓalle." Ya yi dariyarsa shi kaɗai, da ya ga fuskarta sai ya ce, "To, gobe in Allah ya kai mu zan je."

Talata ya tafi jana'iza Dawaki. Laraba ya ce tayar babur ta yi faci, kuma ai irin wannan magana ba a yi mata gaggawa, masu kuɗi ba sa son a matsa musu. Tani ta tsaya a ƙofar sashensa har aka kira magariba. Laraban da yaron ya rubuta a wasiƙa ta wuce.

Alhamis da asuba ta ji fitarsa kamar kullum. Ta dama kunun ta rufe. Sannan ta saka hijabinta na fita unguwa, ta ɗauki ambulan ɗin, ta ce wa Sadiya in Iya ta tambaya a ce ta je asibiti ganin likita. Ba ta taɓa zuwa wurin aikin maza ita kaɗai ba. Ta hau babur zuwa Rano, ta shiga motar Kibiya, tana riƙe da takardar a ƙirji har ta yi laushi da gumi.

Injin yana ta ƙara, ƙura ta buntun shinkafa ta rufe komai, 'yan dako na shiga da fita da buhuna. Mai gadi ya ce masu neman taimako ranar Juma'a suke zuwa. Ta ce ita ba sadaka ta zo nema ba, magana ta zo gyarawa. Ya ce ta jira. Ta jira a rana kusan awa biyu, har wani tsoho mai farin gemu ya fito daga mota, mutane suka taso suna gaishe shi. Ba ta san lokacin da ta ratsa su ba. Ta zube a gabansa.

"Ranka ya daɗe, ni ce wadda aka kira a waya."

Alhaji Amiru ya sa aka kawo benci a inuwa, aka kira Adnan. Adnan ya zo da waya a hannu, ya dubi takardar ya gane ta.

"Baba, ita ce ta ce ba ruwanta. Ta ce ma ba ɗanta ba ne."

Maza sun fi ashirin a wurin, direbobi da 'yan dako da masu awo. Tani ta dubi ƙasa ta ce:

"Ɗana ne. Ni na haife shi. Ubaidullahi ɗana ne." Sunan ya fito mata wani iri, kamar ba da harshenta ba. Da ya fita kuwa sai sauran suka biyo. "Ya iya gudu. Wallahi ya iya. Tun yana shekara tara yake kai saƙo Rano ya dawo kafin ruwa ya tafasa. Ba ya shan komai, ba ya yawo. Ƙafarsa tana jini yake fita. Na yarda ya tafi, ni na dangwala. Ku taimake shi, laifina ne, ba nasa ba."

Alhaji ya dube ta, ya ce, "Na fari ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Da wa kike zaune lokacin da ya kira?"

"Da uwar mijina."

Tsohon ya juya kan ɗansa. "Kai, Adnan. Ka kira mace a gaban surukarta ka ce ta yabi ɗan fari? Uwarka ta taɓa kiran sunan yayanka ka ji? Karatun nan naku har da mantuwa ake haɗa muku?"

Wani direba ya ce, "Alhaji, a Abuja 'darling' ake ce wa ɗan fari." Aka fashe da dariya, Adnan ya sunkuyar da kai yana shafa ƙeya. Ba mugu ba ne. Nan take ya zauna ya tsara komai. Direbansu da ke Kano zai shiga kasuwa yau ya sayi takalmin, sabo ma ba gwanjo ba, a buga sunan kamfani a riga. Gobe da asuba ƙaramar motarsu ta ɗauki yaron da malaminsa, kafin azahar suna Jos, rajista ba ta rufewa sai ƙarfe huɗu. Ya tambaye ta lambar ƙafarsa. Ta ce arba'in da biyu, amma ta dama ta fi faɗi, a duba mai sakin baki.

Ya ba ta kuɗin mota, ya ba ta haƙuri sau biyu. A hanya ta riƙa jin kamar ta sauka ta tura motar.

Ta tarar da kunun a rufe yadda ta bar shi. Sadiya na zaune a bakin ƙofa, idonta ja.

"Ina yaron nan?"

"Ya ce kar na faɗa sai azahar. Ya ɗauki jakarsa da takardun. Malam ya ba shi kuɗin rajista tun jiya, shi kuma ya samu wani mai babbar mota a Tudun Wada da zai kai masara Jos, ya ce zai hau saman kaya kyauta. Ya ce da kambas ɗinsa zai yi gudun."

Tani ta aika Sadiya da gudu ta karɓo katin bashi a shago. Kira na farko zuwa wayar yaron bai shiga ba, na biyu ma haka. A na biyar ya ɗaga. Iska ce kawai ke kaɗawa a wayar, da rugugin mota.

"Inna?"

"Sun yarda! Kana ji na? Na je da kaina. Sun yarda, har da takalmi sabo."

"Kin je ina?"

"Kibiya."

"Ke? Cikin injin?" Ta ji dariyarsa, iska na yanke ta. "Me kika ce musu?"

Sadiya na tsaye a gabanta, Iya Asibi ta leƙo daga ɗakinta. Tani ta ce, "Na faɗa musu abin da ya kamata. Ka sauka ka dawo, gobe mota za ta kai ku."

"Mun yi nisa, Inna, mun shiga daji. In na sauka nan ba abin da zan hau. Ki ce wa Malam ya taho da kayan, zan jira shi a bakin filin. Arba'in da biyu kika ce musu?"

"Na ce."

"Mai faɗin baki?"

"Na ce. Ka riƙe igiya da kyau."

Layin ya yanke. Ta zauna ta sha kununsa da ya huce, rabonta da abinci tun jiya.

Ana gab da kiran magariba Malam Abdurrahim ya yi sallama a zaure. Wannan karon ba shi kaɗai ba ne, da Baffa Lado da limamin unguwa, kuma ba su tsaya a zaure ba. Tayar gaba ce ta fashe a wani gangare kafin Saminaka, motar ta kwanta. Direba da yaron motarsa sun fita da rai. Mutum biyar ne a saman kaya, uku ba su tashi ba, har da Ubaidullahi. A jakarsa aka ga takardar gayyata da lambar Malam.

Ranar Juma'a da hantsi aka kawo shi, aka yi masa sutura bayan an sauko daga masallaci. Alhaji Amiru ya zo da kansa, Adnan na bayansa ya kasa haɗa ido da kowa. Adnan ya tsuguna a ƙofar ɗakin Tani yana cewa a yafe masa. Ta ce ba shi ya yi ba, kwana ne ya ƙare. Iya Asibi tana gefe tana kuka tana kiran jikanta, mata na ba ta haƙuri, domin a wurinsu ita ce mai rashi. Tani aka bari da zuba wa baƙi ruwa.

Direban nan nasu na Kano bai san inda zai kai saƙon ba, sai ya kawo shi gidan makoki a baƙar leda ya ba Sadiya. Bayan addu'ar bakwai Tani ta buɗe. Riga ce koriya, an rubuta sunan shinkafar a ƙirji, da takalmi ruwan lemo, mara nauyi kamar ba komai a hannu, ƙusoshinsa shida-shida a ƙulle cikin 'yar leda. Malam Abdurrahim ya ce akwai wani yaro a aji uku da ƙafarsa za ta kai nan da shekara, in ta ga dama. Ta ba shi rigar. Ta ce takalmin a bar mata tukuna.

Yana nan a bakin ƙofar ɗakinta, daga ciki, kusa da silifas ɗinta. Gidan ƙasa ne, kunama ba ta rabo da shi, kuma ba a barin takalmi ya kwana ba a duba ba. Kowace safiya in ta idar da sallah sai ta ɗauki na dama ta kifa ta buga a bango sau biyu, ta ɗauki na hagu ta buga, ta leƙa ciki, ta mayar da su wurinsu, sannan ta fita ta hura wuta.